Mutum Tara Cikin Ɗari Uku: Me Tallan Ya Faɗa Mana?

Sharhinmu na yau na masu ƙananan sana'o'i ne da ke biyan kuɗi a Facebook ko Instagram ko Google don a nuna wa mutane hajarsu, da kuma matasan da ke kula musu da waɗannan tallace-tallace. A kan lamba ɗaya tak za mu tsaya, wato lambar da ke nuna cikin mutanen da suka latsa talla, nawa ne suka yi ciniki.

Mu ɗauki misali mu riƙe shi har ƙarshe. A ce wata Hajiya tana haɗa turaren wuta da humra, ta ware Naira 30,000 ta sa talla na mako guda. Da mako ya cika, sai ta ga an latsa tallan sau 300, wato kowace latsawa ta ci mata Naira 100. Cikin waɗanda suka latsa, mutum 9 ne suka saya. Tara cikin ɗari uku kashi 3 ne cikin ɗari, ko kuma mu ce mutum 30 cikin kowane dubu, domin da dubu lissafin ya fi daɗin ji a kunne. Yaron da ke kula mata da shafi ya rubuta mata cewa tallanta yana juya kashi 3 cikin ɗari na masu latsawa zuwa masu saye, kuma kowane mai saye ya tsaya mata a kan Naira 3,333. Lissafinsa daidai ne, bai yi kuskuren rabawa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne a ɗauki wannan kashi 3 a matsayin halin tallan, har a gina shirin wata mai zuwa a kansa.

Dalili kuwa, mutum 9 ɗin nan ba doka ce ta kawo su ba. Akwai wadda ta saya saboda a ranar aka biya ta adashi. Akwai wanda ya so saye sai cajin wayarsa ya ƙare. A ce a haƙiƙa tallan nan ƙarfinsa mutum 30 ne cikin dubu, ba ya hawa ba ya sauka. Idan aka maimaita latsawa 300 sau da yawa, ba kullum za a riƙa samun mutum 9 ba. Wani makon 5 za a samu, wani 12, wani 7. Lissafi ya nuna cewa a mafi yawan makonni adadin zai riƙa yawo tsakanin 4 da 15, alhali babu abin da ya canza a hoton, ko farashin, ko masu kallo. Makon da aka samu 5 Hajiya za ta ce talla ya mutu. Makon da aka samu 14 za ta ce an dace da hoto. Duk biyun sa'a ce kawai take wasa da ita.

To mu juya tambayar, domin a kasuwa ba a sanin ƙarfin talla tun farko, adadin da ya fito kaɗai ake gani. Tunda mun ga 9 cikin 300, wane irin ƙarfi ne zai iya haifar da wannan adadi ba tare da an yi mamaki ba? Amsar ba lamba ɗaya ba ce, tazara ce mai iyakar ƙasa da iyakar sama. Ita ce masana ƙididdiga ke kira tazarar amincewa. Masanin lissafi Jerzy Neyman, ɗan ƙasar Poland, shi ya shimfiɗa tsarinta a shekarar 1937. An saba amfani da ta kashi 95 cikin ɗari, kuma ma'anar wannan lamba ita ce: idan mutum ya riƙa bin hanyar a kan tallace-tallace ɗari, kimanin sau 95 tazarar da ya fitar za ta kama ƙarfin tallan na gaskiya, sau 5 kuma za ta kuskure. Alƙawarin na hanyar ne gaba ɗayanta, ba wai an rantse a kan talla ɗaya ba.

Yanzu ga yadda ake fitar da ita da kalkuletar waya. Duk mai biro a kusa ya rubuta. Da farko a ƙara 2 a kan adadin masu saye, 9 ya zama 11. A ƙara 4 a kan adadin latsawa, 300 ya zama 304. Sai a nemi sukwaya rut na 11, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 11, kalkuleta za ta nuna wajen 3.3. A ninka ta biyu, ta zama 6.6. A cire 6.6 daga 11, a sami 4.4. A kuma ƙara 6.6 a kan 11, a sami 17.6. Waɗannan biyun sai a raba kowanne da 304. Abin da zai fito shi ne wajen mutum 14 cikin dubu a ƙasa, da mutum 58 cikin dubu a sama.

Wannan ƙarin 2 da 4 ba son rai ba ne. Alan Agresti da Brent Coull ne suka yaɗa shi a wata maƙala ta shekarar 1998, a matsayin gajeriyar hanya zuwa wani lissafi da Edwin Wilson ya fitar tun 1927. Ni ma na ɗan ƙara sauƙaƙa shi saboda rediyo, kuma sauƙaƙawar tawa tana aiki ne idan masu saye ba su wuce kashi 10 cikin ɗari ba, wanda shi ne halin yawancin tallan kaya. Wanda ya bi lissafin Wilson cikakke, 16 zuwa 56 cikin dubu zai samu. Kun ga ba cinya ba, ƙafar baya. Da lambobin Wilson ɗin zan ci gaba.

Ku ɗan tsaya ku ji faɗin wannan tazara. Tallan da aka ce mana 30 ne cikin dubu, yana iya zama 16, yana iya zama 56. Iyakar sama ta ninka ta ƙasa sau uku da rabi. Idan aka mayar da shi kuɗi, a kan Naira 100 kowace latsawa, mai saye ɗaya zai iya tsaya wa Hajiya a kan wajen Naira 1,800, zai kuma iya kaiwa wajen Naira 6,300. Wancan 3,333 da aka rubuta mata har da ɗigon Naira uku a ƙarshe, kamar an auna shi da sikelin gwal, a tsakiyar wannan fili yake zaune.

Wani zai ce, to Malam, in haka ne ai lissafin bai gaya mana komai ba. Ya gaya mana, in dai an haɗa shi da lamba ta biyu, wadda ita Hajiya ce ta san ta, ba Facebook ba. Nawa take ci a kan kowane ciniki bayan ta cire kuɗin kayan haɗi, da kwalba, da ɗan aike? A ce Naira 4,000 ne. Tunda latsawa ɗaya Naira 100 ce, dole cikin kowace latsawa 40 a sami mai saye ɗaya kafin talla ya mayar da kuɗinsa. Ɗaya cikin 40 shi ne 25 cikin dubu. Wannan shi ne layin da ke raba riba da asara. Sai a ɗauko tazarar a ɗora a kai: 16 a ƙasa, 56 a sama, 25 kuma a ciki. Ma'ana, latsawa 300 ba su isa su tabbatar da cewa kwalliya tana biyan kuɗin sabulu ba. Mafi yawan tazarar tana ɓangaren riba, wannan abin ƙarfafa gwiwa ne, amma ƙofar asara ba ta rufe ba. Idan ni ake tambaya, zan ce ta ci gaba da tallan a kan kuɗin da ta saba, kada ta kashe shi, kada kuma ta ɗebo uwar kuɗi ta ninka shi sau biyar.

Ku lura da yadda hukunci ke sauyawa idan ribar ce ta sauya, alhali tallan yana nan yadda yake. Da a ce Naira 8,000 take ci a kowane ciniki, layin zai sauko zuwa wajen 13 cikin dubu, ƙasa da iyakar ƙasa ta tazarar. A nan latsawa 300 ɗin sun wadatar, ko da mafi munin abin da ake tsoro ne ya tabbata, riba za ta ci. Da kuma Naira 1,500 take ci, layin zai haura zuwa wajen 67 cikin dubu, sama da iyakar sama. A nan ma latsawa 300 sun wadatar, sai dai hukuncin shi ne ta tsayar da tallan yau, domin ko sa'a ta yi mata iya alherinta ba za ta mayar da kuɗi ba. Saboda haka tambayar da ake yawan yi, wai latsawa nawa ne suka isa, ba ta da amsa ɗaya. Ya danganta da nisan da ke tsakanin abin da aka gani da layin riba. Idan suna nesa da juna, ɗari uku sun isa. Idan suna maƙwabtaka, kamar 30 da 25, sai an kai wajen latsawa 3,800 kafin iyakar ƙasa ta haye layin, kuma wannan Naira 380,000 ke nan.

Abin da ya sa kuɗin ke tashi haka shi ne tazarar ba ta tsukewa da saurin da mutum yake so. Sai an ninka latsawa sau huɗu kafin faɗinta ya ragu da rabi. Idan Hajiya ta kai latsawa 1,200 da masu saye 36, har yanzu 30 ne cikin dubu, amma tazarar ta koma 22 zuwa 41. Ta tsuke, sai dai 25 yana nan a ciki. Kuma abin da ke tsuke ta ba yawan latsawa ba ne shi kaɗai, yawan masu saye ne. Shi ya sa a lissafin da muka yi ɗazu daga adadin masu saye muka ciro sukwaya rut. Latsawa dubu da suka kawo mutum 3 sun fi latsawa 300 da suka kawo mutum 30 duhu, in ana maganar sanin nawa mai saye ɗaya yake ci.

Akwai wata tsohuwar hanya da ke cikin littattafan makaranta, wadda ba a ƙara 2 da 4, kawai a ɗauki kason da aka gani a ƙara masa a rage masa daidai wa daida. Ana danganta ta da sunan Wald. A kan manyan adadi ba laifi, amma a irin namu tana yaudara. Idan aka sami mutum 2 cikin latsawa 200, iyakar ƙasanta tana faɗawa ƙasa da sifili, kamar a ce masu saye sun gaza babu. Idan kuma ba a sami ko mutum ɗaya ba, sai ta ce tazarar daga sifili ce zuwa sifili, wato ta yanke hukunci cewa har abada ba wanda zai saya. Na gwada mata lissafi ɗaya: tallan da ƙarfinsa 10 ne cikin dubu, da latsawa 300. Maimakon ta kuskure sau ɗaya cikin ashirin kamar yadda ta yi alƙawari, sau ɗaya cikin biyar take kuskurewa. Lawrence Brown da abokan aikinsa biyu, Cai da DasGupta, sun baje wannan rauni nata a shekarar 2001, suka ba da shawarar a koma ga irin hanyar Wilson. Alamar gane ta a rahoto mai sauƙi ce: idan aka rubuta maka kaso sannan aka ce ƙari ko ragin kaza, kuma masu sayen ba su kai goma ba, to ka nemi a sake lissafi.

Batun sifili kuwa ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi sa mutane kashe talla cikin fushi. An latsa sau 60, ba wanda ya saya, an ce talla ba shi da albarka. Akwai wata ƙa'ida da likitoci suka daɗe suna amfani da ita wajen gwajin magani, ana ce mata ƙa'idar uku. Idan ba a ga abu ko sau ɗaya ba, a raba 3 da adadin gwajin, abin da ya fito shi ne iyakar sama. Uku a raba da 60 ya ba da 50 cikin dubu. Wato tallan da bai sayar da komai ba a latsawa 60 yana iya kasancewa mai ƙarfin da ya ninka layin ribar Hajiya sau biyu. Hasali ma, talla mai ƙarfin 30 cikin dubu, kusan sau ɗaya cikin shida zai cinye latsawa 60 ba tare da ciniki ko ɗaya ba. Amma idan aka kai latsawa 200 shiru, 3 a raba da 200 ya ba da 15 cikin dubu, ƙasa da 25. A nan an sami hujja, sai a tsayar.

Sai kuma gasar hotuna. Hajiya ta sa talla biyu, ɗaya da hoton kasko yana hayaƙi, ɗaya da hoton kwalabe a jere. Kowanne ya sami latsawa 300. Na kasko ya kawo mutum 9, na kwalabe ya kawo 15. Yaron shafi ya yi murna, ya ce na kwalabe ya fi da kusan ninki biyu. Mu duba. Jimillar masu saye 24 ne. Da a ce hotunan biyu ƙarfinsu ɗaya, kowane mai saye zai faɗa wa ɗayansu ne kamar yadda kwandala ke faɗawa gaba ko baya idan an cilla ta sama. To a cilla kwandala sau 24, sau nawa rabon zai karkace ya kai 15 da 9 ko fiye, ta kowane ɓangare? Kusan sau uku cikin goma. Abin da ke faruwa sau uku cikin goma ba abin mamaki ba ne, balle a kafa hujja da shi. Idan aka fitar da tazarar bambancin da ke tsakaninsu, tana farawa daga na kasko ya fi da wajen 10 cikin dubu, ta ƙare a na kwalabe ya fi da wajen 50. Kafin a rarrabe 30 da 50 cikin dubu da kwanciyar hankali, ana buƙatar wajen latsawa 1,500 ga kowane hoto.

Ban ce kada ta zaɓi na kwalabe ba. In dai dole ne a zaɓi ɗaya, kuma sauyin bai ci mata komai ba, na kwalaben shi ne hankali ya fi karkata gare shi. Abin da nake hanawa shi ne ta sa ran 50 cikin dubu a wata mai zuwa, har ta saro kayan haɗi a kan wannan tsammani. Wanda ya zo na ɗaya a ƙaramar gasa, yawanci ƙarfinsa ne haɗe da sa'arsa suka kai shi, kuma sa'ar ba ta biyo shi mako na gaba. Abin yana ƙara muni idan hotuna shida aka gwada aka zaɓi zakara, domin cikin shida da wuya a rasa wanda sa'a ta ɗaga.

Duk wannan lissafi kuma yana tsaye ne a kan wani sharaɗi: cewa latsawa 300 ɗin mutane ne daban-daban, kowa ya yanke shawararsa shi kaɗai, kuma irin su ne za su zo gobe. A nan ne ƙananan tallace-tallace suka fi zamewa. A shafin kula da talla na Meta akwai `Clicks (all)`, wanda ke ƙirga har wanda ya taɓa hoto don ya ƙara girma ko ya shiga shafin mai talla, akwai `Link clicks`, akwai kuma `Unique link clicks` da ke ƙirga mutane maimakon yawan taɓawa. Idan mace ɗaya ta latsa sau biyar tana shawara da zuciyarta, latsawa biyar aka rubuta amma mai shawara ɗaya ce. A zaɓi ma'auni ɗaya a tsaya a kansa, kuma na mutane ya fi dacewa da wannan lissafi.

Ɓangaren masu saye ma yana yoyo. A wajenmu ciniki da yawa a WhatsApp yake ƙarewa, a turo kuɗi ta banki, dandalin talla bai gani ba. Wata kuma ta ga talla ranar 20 ga wata, sai an yi albashi take dawowa. Idan aka rufe littafi a daren da talla ya ƙare, 9 ɗin na iya zama 12 bayan kwana goma. Tazarar amincewa ba ta gyara wannan, domin ita wasan sa'a kaɗai take aunawa, ba ta san an ƙirga ba daidai ba. Maganinsa littafi ne da biro: duk wanda ya saya a tambaye shi inda ya ga kayan, a rubuta ranar da ya fara magana, a kuma ba wa talla kwanaki bayan ya tsaya kafin a yi masa hisabi. Haka nan tallan da aka yi ana saura mako guda Sallah, tazararsa ta masu sayayyar Sallah ce, ba ta faɗi komai a kan watan da ke biye ba.

Saura ɗabi'a ɗaya da ke rushe lissafin ko da an kiyaye duk waɗannan. Ita ce leƙa waya safe da yamma, da niyyar tsayar da gwaji a duk lokacin da lambobi suka yi kyau. Alƙawarin kashi 95 na wanda ya tsayar da adadi ne tun kafin ya fara. Wanda yake dubawa kullum yana jiran ranar da hoto ɗaya zai yi fintinkau, zai sami ranar ko da hotunan ƙarfinsu ɗaya ne, domin lambobi suna hawa suna sauka, shi kuma ya zaɓi tsayawa a kan tudu. Don haka kafin Hajiya ta biya ko sisi, ta rubuta abu uku a takarda: layin ribarta, wato 25 cikin dubu, adadin latsawar da za ta jira, a ce 300, da abin da za ta yi idan tazarar ta faɗi gaba ɗaya sama da layin, ko ƙasa da shi, ko kuma ta hau kansa. Idan ta hau kansa, kamar yadda ta yi a misalinmu, sai ta ƙara wani zagayen da hoto ɗaya da farashi ɗaya, ta haɗa adadin zagaye biyun wuri guda, 9 na farko da abin da na biyu ya kawo, ta sake ƙara 2 da 4 ta fitar da sabuwar tazara.